Dillali ya karɓi la'ada da kafin alƙalami, ya daina ɗaukar waya

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makaranta ne, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Gusau. Wani dillali ya nuna mini ciki biyu da falo a Samaru, hayar shekara N250,000. Na tura masa N25,000 la'adarsa da N100,000 kafin alƙalami, ya ce bayan mako ɗaya zai kawo makulli. Yau mako uku, ba ya ɗaukar kira, saƙon WhatsApp kuma yana karantawa ya yi shiru. Iyalina na ƙauye suna jira. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Ka daina kiransa haka nan, domin kira hamsin ba ya zama hujja gaban alƙali. Gobe da safe ka koma gidan da kanka, ka tambayi maƙwabta ko mai shagon bakin layi waye mai gidan, ka je ka same shi tare da mutum ɗaya da zai zame maka shaida. Tambaya biyu za ka yi masa: shi ya ba wannan mutum gidan ya nemo ɗan haya? Kuma kuɗinka sun iso hannunsa?

Amsarsa ce za ta nuna maka hanya. In ya ce shi ya wakilta shi har da karɓar kuɗin haya, to N100,000 ɗin nan kamar a hannunsa ka damƙa su, saboda abin da wakili ya karɓa cikin hurumin da aka ba shi yana wuyan wanda ya wakilta shi. Sai ya ba ka gidan ka cika ragowar, ko ya maido kuɗinka, shi ya bi dillalinsa. Nan ne masu gida suka fi zillewa, su ce "na dai ce ya nemo mutum, ban ce ya karɓi ko sisi ba". In haka ne, bashinka yana kan dillali shi kaɗai. In kuwa ya ce bai ma san shi ba, ko gidan da mutum a ciki hayarsa ba ta ƙare ba, magana ta tashi daga saɓa alkawari ta koma zamba cikin aminci, wadda laifi ce.

Wannan bambanci yana da nauyi a ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, shi ya sa wanda ya je ya ce "ina bin wani kuɗi" ake sallamarsa a ce ya tafi kotu. Amma in ka rubuta cewa ya nuna maka gidan da ba shi da iko a kansa, ya karɓi kuɗi, ga mai gida zai shaida, dole a saurare ka.

La'adar ma kada ka yafe ta da sunan ai ya sha rana ya nuna gida. A fiƙihun Malikiyya irin wannan lada sai aiki ya kammala ake cancantarsa, kai kuma makulli bai shiga hannunka ba.

Tun daren yau ka adana hujjojinka. Ɗauki hoton hirarku yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, kafin ya goge ko ya toshe ka. Duba rasit ɗin turin kuɗin da kyau, ka ga sunan da ya fito. Sau da yawa asusun wani mai POS ne, ba nasa ba. Hakan bai kashe maganarka ba, amma sai ka haɗa da saƙon da ya turo maka lambar asusun da hannunsa. Ka kuma karɓo bayanan asusunka mai hatimi daga banki. Kada ka sa ran banki zai janyo maka kuɗin da ka tura da kanka. Ko bayanan wancan asusun ba za su ba ka ba sai ta hannun kotu ko masu bincike.

Daga nan ka aika masa saƙo guda: adadin kuɗin, ranar da ka tura, gidan da aka yi magana a kai, da wa'adin kwana bakwai. Ban da zagi, ban da barazana, kuma ka riƙe hannunka daga watsa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo, don kada ya juya ya yi ƙararka kan ɓata suna. Cikin kwanakin nan ka kai maganar wurin mai unguwarsu ko shugaban dillalan inda yake zama, ko Hisbah. Dillali da sunansa yake cin abinci, da yawa a nan suke fito da kuɗi.

In wa'adi ya cika shiru, ka shigar da ƙara a kotun shari'a ko ta majistare. Sai dai rajistara zai tambaye ka inda za a kai sammaci, don haka tun yanzu ka nemo cikakken sunansa da ƙofar gidansu ta wurin wanda ya haɗa ku. In an zo sulhu ya ce zai biya kashi-kashi, a rubuta ranaku da adadi, wani ɗan'uwansa ya tsaya masa ya sa hannu.