Hukuncin Kai Ƙarar Kamfani Waje Bayan Kwamitin Cikin Gida Ya Yanke Hukunci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin tsaron sito a wani kamfani a Kakuri, albashina naira 90,000 a wata. Kaya na naira 360,000 sun ɓata, aka kafa kwamiti, aka ce za a riƙa yanke mini 45,000 duk wata har wata takwas, kuma an riga an yanke sau biyu. Manajan da shi ma yake riƙe da makullin siton yana cikin kwamitin. Na ɗaukaka kuka wurin shugaban kamfanin, ya ce magana ta ƙare. Wallahi ban ɗauki komai ba. Wani abokina ya ce in na je kotun ma'aikata na kai ƙara ga ɗagutu, kuma na saɓa alkawari tunda na sa hannu zan bi dokokin kamfani. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya fitar maka da hakkinka. In dai lamarin yana yadda ka faɗa, ya halatta ka kai kukanka waje, babu laifi a kanka. Allah ya ce a Suratus Shura, aya ta 41, wanda ya nemi hakkinsa bayan an zalunce shi babu hanyar zargi a kansa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah (SAW) a kan ciyarwa, ya saurare ta, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Mu fara da asalin tuhumar, don a nan aka taka shari'a tun farko. Ma'aikacin da yake yi wa mutum ɗaya aiki a kan albashi amini ne a wurin malaman fiƙihu. Abin da ya salwanta a hannunsa ba ya biyansa sai in an tabbatar ya yi ta'addi ko sakaci, kuma kawo hujja yana kan mai da'awa. Kenan kamfani ne zai nuna cewa ka bar ƙofa a buɗe, ko ka fitar da kaya ba takarda, ba kai za a tilasta wa ka wanke kanka ba. Sito mai makulli biyu, a ɗora asararsa kan mai makulli ɗaya, ɗayan kuma yana zaune cikin masu yanke hukunci? Wannan ya dame ni ƙwarai. Ko a babin tahkimi, inda mutum biyu suke zaɓar wanda zai raba musu gardama, Shehu Halilu ya sharɗanta a Muhtasar kada mai raba gardamar ya zama abokin husuma. Kwamitin da kamfani ya naɗa shi kaɗai bai kai matsayin alƙali ba, bai ma kai na wanda ɓangarori biyu suka yarda da shi ba. Sa hannun da ka yi alkawari ne na bin tsarin aiki, ba yafe dukiyarka ba ne in an ci ta ba hujja.

Abokinka yana nufin aya ta 60 a Suratun Nisa'i. Ta sauka a kan masu gudun hukuncin Allah da Manzonsa alhali yana gabansu, suna fifita wani a kansa. Kai kuwa abin da kake nema shari'a da kanta ta ba ka. Kuma tun gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa shari'o'in aiki da albashi, don haka kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kaduna ba su da hurumin wannan ƙarar. Wanda ba shi da ƙofar karɓar hakkinsa sai wannan, ya shiga, zuciyarsa na riƙe da cewa hukuncin Allah ne mafifici. Da za a hana shi, da an miƙa gumin talakawa ga duk wanda ya ga damar cinye shi. Amma in mai kamfanin Musulmi ne kuma ya yarda ku zauna gaban malami ku rubuta abin da aka yanke, wannan ya fi.

Dokar ƙasa ma tana tare da kai. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda a yanke albashi saboda asara ba sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a yanke, kuma sai asarar ta samo asali daga sakaci ko gangancin ma'aikacin. Sannan abin da ake yankewa a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Sulusin 90,000 shi ne 30,000, su kuwa rabi suke ɗauka. Ka tambaye su a rubuce su nuna maka wannan izinin.

Kada ka fara da kotu. Ka rubuta wa kamfanin takarda ta ƙarshe, ka ce ba ka yarda da hukuncin ba, ka nemi a dakatar da yankan a mayar maka da 90,000, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kofinka. Ka haɗa takardar ɗaukar aikinka, da takardar tuhuma da amsar da ka bayar, da hukuncin kwamitin, da takardar banki mai nuna albashinka kafin yankan da bayansa. In kuna da ƙungiyar ƙwadago ka sanar da ita. Daga nan ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, su ne suke kiran ɓangarori biyu a zauna sulhu. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, ba a biyan kuɗi, sai dai ba ta taɓa maganar da take gaban kotu, kuma tana so a kawo kuka cikin wata 12. In duk abin ya faskara, sai reshen Kotun Ma'aikata na Kaduna. Kafin nan ka ci gaba da zuwa aiki, don in ka ƙaurace sun sami hujjar korarka. Kada kuma ka sa hannu a takardar da ta ce ka amince da bashin, ko da an ce ta cika ƙa'ida ce kawai.

Halaccin yana da iyaka, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Na ji bakinka ne kaɗai. In ka san akwai ranar da ka ba wani makulli ko ka bar rajista ba ka cike ba, wajibi ne ka faɗa, kuma abin da sakacinka ya jawo yana wuyanka ko kotu ta wanke ka. A hadisin Ummu Salama, Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanke masa hakkin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanke masa. Haka nan zargin manajan: ka faɗi abin da ka sani, cewa yana da makulli kuma ya zauna a kwamiti, amma kada ka kira shi ɓarawo ba shaida, kada ka baza maganar a kafafen sada zumunta. Rangwamen da aka yi wa wanda aka zalunta na ya kai kuka ne inda za a share masa hawaye. Takardun kamfani da ba su shafi ƙararka ba amana ne, kada ka kwashe su.

Lauyoyi kan ƙara neman kuɗin ruwa a kan abin da kotu ta yanke. Ka ce wa naka ya cire wannan, riba ce da shari'a ta haramta. Ka nemi abin da aka yanke maka da abin da ka kashe wajen nemansa.

In kuma ka auna ka ga tsoron rasa aikin ya rinjaya, ka haƙura ko ka karɓi sulhu a kan wani kaso da yardar ranka, wannan ma ya halatta, hakkin naka ne. Wallahu a'alam.