Tsoron hawa jirgi da mota: amsoshin likita

Likita, Hajiyarmu za ta Umara, ba ta taɓa shiga jirgi ba, har barci ya gagare ta. In saya mata maganin barci? (Daga Gusau)

Kada ki saya mata, 'yar'uwa. Ƙwayoyi irin su diazepam suna sa tsofaffi jiri da ruɗewa, ga shi za ta yi awa huɗu da ɗoriya daga Kano zuwa Jidda ba motsi, abin da ke ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Ki zaunar da ita tun ana saura mako biyu, ki faɗa mata abin da za ta ji. Jirgi zai yi ruri wajen tashi, jim kaɗan ƙarar ta ragu. A nan ne mutane da yawa ke salati suna zaton inji ya mutu, alhali matuƙi ne ya sassauta. Kunnenta zai toshe, sai ta haɗiye yawu ko ta tauna cingam. Girgizar da ake ji a sama iska ce, kamar mota a hanya mai gargada, ɗamarar kujera ta wadatar. A nema mata kujera daidai fukafuki, can girgizar ta fi sauƙi.

Sannan ku riƙa gwada numfashi kullum bayan sallar isha'i: ta shaƙa ta hanci tana ƙirga huɗu, ta fitar a hankali tana ƙirga shida. Mai tsoro yakan yi haki, hakin ne ke sa yatsu da leɓe su yi kamar sun mutu, sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Irin wannan firgici yana kai maƙura cikin kamar minti goma, sannan ya lafa. Amma ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi, a kira ma'aikatan jirgi nan take. Maganinta na hawan jini ko suga ya zauna a jakar hannu, goro da kofi kuma a bar su ranar.

Wata shida ke nan da muka yi hatsari, ko tasha na shiga sai gabana ya faɗi. (Daga Zariya)

Allah ya kiyaye gaba, malam. Tsoron da ya wuce wata guda, musamman in da mugun mafarki, yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, kuma akwai asibitin Barnawa a Kaduna kusa da kai. Ƙaurace wa mota ƙara masa ƙarfi yake yi. Ana farawa da zama cikin mota a tsaye har gaban ya kwanta, sai zagayen unguwa da direban da ka yarda da shi, sai tafiyar rabin awa da rana. Ba a ƙara gaba sai matakin da ake kai ya daina tsorata ka.

Ɗana ɗan shekara bakwai yana kuka in za mu yi tafiya, don yana amai a mota. (Daga Maraɗi)

Aman yake tsoro. Ki ba shi abinci kaɗan marar maiƙo, ya zauna tsakiyar kujerar baya yana kallon hanya, a sauke gilashi, a karɓe waya. In bai daina ba, ki tambayi likita maganin da ya dace da shekarunsa, kuma kafin a tashi ake sha.