Indiketar da ta dace da asid mai rauni da NaOH

Tambayar da ɗaliba ta turo: "Malam, don Allah idan ana taitireshan na asid mai rauni da NaOH, wace indiketa ake sawa? Ni na sa metil orenj, kala ta canza tun ban yi nisa ba, kuma lissafina bai zo kusa da na kowa ba."

Ga amsar Malam, kamar yadda ya faɗa a muryar da ya turo:

Assalamu alaikum jama'ar gida. 'Yata, na ga saƙonki tun la'asar, ina kan hanyar dawowa daga Sabon Gari ne, shi ya sa na bari sai yanzu da aka idar da isha'i. Ki ɗauko biro da takarda, sauran ma ku saurara, don na san ba ita kaɗai abin yake ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Fenoftalin za ki sa. Amma ba na son ki haddace sunan kawai, ina son ki iya gano shi da kanki.

Inda aka fi samun matsala shi ne, ɗalibai sun riƙe a ransu cewa duk lokacin da asid da alkali suka cinye juna daidai wa daida, pH ɗin 7 ne. Wannan gaskiya ne idan duka biyun masu ƙarfi ne, kamar HCl da NaOH. To amma ki ɗauki asid ɗin etanoyik, CH3COOH, wanda yake cikin binega. Idan NaOH ya gama cinye shi, abin da ya rage a kwalbar ruwa ne da gishirin CH3COONa. Shi kuma wannan gishirin ba zama yake yi shiru ba. Ɓangarensa na CH3COO⁻ yana fizgo H⁺ daga jikin ruwa, ya bar OH⁻ a sake. Da zarar OH⁻ ya yi rinjaye kuwa, pH ya haura 7. Ai kin san kanwa? Ita ma gishiri ce ta asid mai rauni da sodiyam, shi ya sa iyayenmu mata suke jefa ta a miya ta kashe tsamin tumatir ko yakuwa. Dalilin guda ne.

To nawa ne pH ɗin? Mu yi da lambobi. A ce kin zuba 25 cm³ na asid ɗin a kwalba, ƙarfinsa 0.1 M, a biyuret kuma NaOH ne, shi ma 0.1 M. Za su yi daidai idan 25 cm³ ya sauka. Yanzu ruwan kwalbar ya zama 50 cm³, wato ya ninka, don haka ƙarfin gishirin 0.05 M ne. A nan yara da yawa suke zamewa, su rubuta 0.1, sun manta ruwan ya ƙaru. Ka na wannan asid 1.8 × 10⁻⁵ ne. Ki raba 1.0 × 10⁻¹⁴ da shi, ki sami Kb, kusan 5.6 × 10⁻¹⁰. Sai ki yi amfani da [OH⁻] = √(Kb × C), zai ba ki kusan 5.3 × 10⁻⁶. pOH ya zama 5.3 ke nan, ki cire shi daga 14, saura 8.7. Wannan 8.7 ɗin ita ce za ta zaɓar miki indiketa.

Kowace indiketa tana da zangon da take canza kala a cikinsa. Fenoftalin tana farawa daga wajen 8.2 zuwa 10, daga ruwa garau marar kala ta koma ruwan hoda. Kin ga 8.7 tana cikin zangon. Metil orenj kuwa nata daga 3.1 ne zuwa 4.4, daga ja zuwa rawaya. Ina 4.4, ina 8.7?

Bari in nuna miki abin da ya faru a kwalbarki, idan ƙarfin ruwanki irin na misalinmu ne. Kafin ki ɗiga komai pH ɗin yana wajen 2.9, metil orenj ta ba ki ja. Kina fara sakin NaOH ya haura 3.1 nan da nan, kalar ta soma sulalewa a hankali, ja, ruwan lemo, har zuwa rawaya. Lokacin da pH ya kai 4.4, abin da ya sauka daga biyuret bai wuce 8 cm³ ba. Ke kin rufe famfo kin rubuta 8, alhali amsar 25 ce, kashi biyu cikin uku na asid ɗin yana nan ba a taɓa shi ba. Kuma ki tuna, kalar ba ta juya farat ɗaya ba, ko? Na tabbata kin tsaya kina tantama, shin ta canza ko ba ta canza ba. Duk ranar da kika ga kala tana jan ƙafa haka, kuma karatunki na farko da na biyu sun ƙi haɗuwa, ki fara tuhumar indiketar kafin ki tuhumi hannunki.

Ita kuwa fenoftalin, dubi inda take zaune. A 24.9 cm³ pH yana wajen 7.1. A 25.1 cm³ ya kai wajen 10.3. Tsakaninsu 0.2 cm³ ne kacal, kamar ɗigo huɗu, amma pH ya yi tsalle da fiye da 3. Duk zangon fenoftalin yana cikin wannan tsallen. Shi ya sa ɗigo ɗaya yake juya kalar. Saboda haka ba dole ba ne tsakiyar zangon indiketa ya faɗa kan 8.7 cif. Abin da ake nema, zangonta ya shiga cikin wurin da pH yake tsalle.

Na san wani zai ce, Malam, bromotaimol bulu fa? Nata zangon 6.0 ne zuwa 7.6. Tana fara motsi tun wajen 23.7 cm³, ta yi ta rarrafe kafin a iso. Ta fi metil orenj nesa ba kusa ba, amma ni ba zan ba ɗalibina ita ba alhali ga fenoftalin a kan benci.

Saura aikin hannu, wanda wallahi ya fi damuna a firaktikal. Ɗigo biyu ko uku na indiketa ya isa, kar ki tuttula, don ita kanta asid ce mai rauni, tana cin nata rabon na NaOH. Ki shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kwalbar. Idan kin kusa, za ki ga hoda tana bayyana inda ɗigon ya faɗa, kina kaɗawa ta ɓace. Daga nan ki koma ɗigo ɗai-ɗai, hannun hagu a famfo, na dama yana kaɗa kwalba. Ki tsaya a kan hoda mai haske ƙwarai wadda ta zauna kamar sakan 30. Idan ta yi jawur kamar an jiƙa zoɓo, kin zarce, ki zubar ki sake. Idan kuma kin ajiye kwalbar, bayan 'yan mintoci kika ga kalar ta dushe, kar ki ƙara ko ɗigo. CO2 na iska ne ya shiga ruwan ya sauko da pH, karatunki na farko shi ne daidai.

Abu na ƙarshe, 8.7 ɗin nan ta wannan misalin ce kawai. Idan asid ɗin ya fi etanoyik rauni, pH ɗin zai fi haka hawa, tsallen kuma ya gajarta. Idan an tsinka ruwan, pH ɗin ya sauko kusa da 8. Ki gwada min da 0.01 M duka biyun, ki turo abin da kika samu kafin darasin Asabar, in duba. Sai da safenku.