Saƙon "mun karɓi odarku" ba tare da gajiyar yatsa ba

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Kullum sai na rubuta wa kowace mai oda suna da kaya da kuɗi, har yatsuna su gaji. Ba yadda za a yi saƙon ya riƙa tafiya da kansa? (Wata 'yar kasuwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, buɗe Google Sheets. Layin A suna, B lambar waya, C kaya, D kuɗi, E kuma ki rubuta "eh" in kuɗi sun shigo. Sai ki sa wannan a F2, ki ja shi ƙasa:

```
=IF(E2="eh",HYPERLINK("https://wa.me/234"&RIGHT(B2,10)&"?text="&ENCODEURL("Salam "&A2&", mun karɓi odarku ta "&C2&". Kuɗi: N"&D2),"Tura"),"Jira")
```

Kina taɓa "Tura", WhatsApp zai buɗe da saƙon a rubuce, sauran ki danna kawai. Sheets yakan cinye sifirin farkon lamba, shi ya sa na ce ya ɗauki lambobi 10 na ƙarshe. In WhatsApp ya ce lambar ba daidai ba ce, duba ko an bar tazara a tsakiyarta. 'Yan Nijar su sa 227 da 8 a madadin 234 da 10. Na rubuta "odarku" da gangan, don kada wata rana ki ce wa Alhaji "odarki".

Yanzu ga inda nake son ki tsaya. Kin ce saƙon ya tafi da kansa, ni kuwa ban yarda ba, kuma dalilin layin E ke nan. Abin da ya fi ci min rai a harkar nan shi ne mai kaya ya saita saƙo yana cewa "mun karɓi kuɗinku" alhali hoton rasit kawai ya gani. Hoto ba kuɗi ba ne, yaro mai waya zai haɗa shi kafin shayi ya huce. Kin tura tabbaci, kin ba ɗan sahu turmi uku, da daddare ki buɗe asusu ki tarar wayam. Kuma saƙonki na hannun mutumin, shaida ce a kanki. Kada ki rubuta "eh" sai kin shiga manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki. Manhajojin bayan fage masu tura saƙo barkatai kuwa, ki guje su, suna jawo a rufe lamba, da ita da cinikin da ke kanta.

Tambaya: Quick replies na WhatsApp Business ba ya sa sunan mai saye. Wayata ce? (Wani daga Zariya)

Amsa: Wayarka lafiya lau, ɗan'uwa, ba ya cike suna dama. Danna / ka zaɓi saƙon, ka cike da hannu. Karanta kafin ka tura, kada ka gaisa da "Malam Suna".

Tambaya: Na nemi Templates a Gmail na waya, babu.

Amsa: A kwamfuta ake kunna shi: Settings, See all settings, Advanced, Templates, Enable, sannan Save Changes.