Fanel huɗu a jere kan kwanturola mai 150V: shin akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fanel ɗin sola guda 8, kowane wat 400. A bayansu an rubuta Voc 37V, Vmp 31V, Isc 13.8A. Batirina na 48V ne, kwanturolar kuma MPPT ce mai 150V da 60A. Mai haɗa mini ya ce za a jera huɗu-huɗu layi biyu, tunda 37 sau 4 ya ba da 148, bai kai 150 ba. In bar shi ya ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakatar da shi tukuna. Lissafinsa daidai ne a takarda, amma akwai abu ɗaya da bai sa a ciki ba, wato sanyi.

Idan aka haɗa fanel a jere, wanda masu aikin ke kira siris, wayar + ta wannan ce ke shiga − ta na gaba. Nan bolt ne ke taruwa, amfiya kuwa tana nan kamar ta fanel ɗaya. Idan kuma aka haɗa layuka gefe da gefe, wato faralel, duk + wuri ɗaya duk − wuri ɗaya, to amfiya ce ke taruwa, bolt bai motsa ba. Saboda haka huɗu a jere layi biyu zai ba ka 148V da 27.6A.

Sai dai wannan 37V ɗin, wato Voc, bolt ɗin da fanel ke nunawa idan ba a jan wuta daga gare shi, an auna shi ne lokacin da zafin fanel ɗin yake digiri 25. Fanel kuwa, sanyi ƙara masa bolt yake yi. Duba takardar bayanan fanel ɗinka, za ka ga wani adadi mai alamar ragi da aka rubuta wa Voc, yawanci tsakanin −0.25% da −0.30% a kowane digiri. Mu ɗauki −0.28%. A ce da asuba sanyi ya sauko digiri 10, wato ya gaza 25 da digiri 15:

```
15 × 0.28% = 4.2%
37V × 1.042 = 38.6V
38.6V × 4 = 154V
```

Ka ga an riga an haura 150, kuma digiri 10 ba wani sanyin a zo a gani ba ne. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne, Voc ba ya jiran rana ta take. Da gari ya waye haske ya taɓa fanel, bolt ɗin ya kusa cika ko da wutar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba. A daidai lokacin kuma fanel ɗin ya kwana cikin sanyi, kwanturola ba ta fara jan wuta ba, don haka cikakken bolt ɗin ne ke tsaye a bakinta. Wata kwanturolar za ta nuna alamar kuskure ta ƙi aiki, wata kuma kayan cikinta ne za su ƙone, kuma kamfanoni ba sa karɓar irin wannan a garanti. Abin takaicin shi ne na'urar na iya yin watanni lafiya lau a lokacin zafi, sai ranar da aka tashi da sanyi ta mutu, kowa ya ce ai kayan ne ba su da kyau. Wannan 150V ɗin iyaka ce da ba a taɓawa ko sau ɗaya. Ka yi lissafin da mafi tsananin sanyin da aka taɓa gani a inda za a kafa fanel ɗin, sannan ka bar sarari.

Wani zai ce to a koma biyu-biyu layi huɗu. Shi ma ba zai yi maka ba, ta ɗaya gefen. MPPT na buƙatar bolt ɗin fanel ya ɗara na batir kafin ta iya tura caji, batirin 48V kuwa yana hawa wajen 56V zuwa 58V idan ya kusa cika. Vmp shi ne bolt ɗin fanel lokacin da yake cikin aiki. Biyu a jere na ba da Vmp 62V a digiri 25, amma da tsakar rana fanel na iya kai digiri 65, sai Vmp ɗin kowane ya faɗo wajen 27V. Biyu sun zama 54V kenan, ƙasa da abin da batirin ke nema. Za ka ga rana tsaka caji yana ja da baya, batir ba ya cika.

Uku a jere ne daidai da wannan kwanturolar. Ko da sanyi ya kai digiri 0, Voc na kowane zai zama 39.6V, ukun 119V, ga sarari wadatacce. Da zafin rana kuma Vmp yana wajen 81V, ya fi ƙarfin batir nesa ba kusa ba. Matsalar kawai 8 ba ya rabuwa uku-uku. Kada a ce za a yi uku, uku, biyu a haɗa su faralel, domin gajeren layin zai jawo bolt ɗin sauran ƙasa, har wuta ta riƙa komawa cikinsa. Ko dai ka ƙaro fanel ɗaya irinsu sak su zama 9, ko ka yi amfani da 6 yanzu, ko kuma ka canza kwanturolar zuwa mai 250V, wadda huɗu a jere ba za su dame ta ba. Ni dai ƙaro ɗayan zan zaɓa.

Idan ka yi haka, sai a duba amfiya. Mutane da yawa na ɗauka 60A ɗin nan iyakar abin da ke shigowa daga fanel ne, alhali iyakar abin da ke fita zuwa batir ne. 60A sau 56V ya ba da wat 3,360, fanel 9 kuwa wat 3,600 ne a takarda. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin MPPT na taƙaita abin da take ja, kuma da wuya fanel mai zafi ya ba da cikakken ƙarfinsa. Adadin da za ka nema a littafin kwanturolar shi ne iyakar Isc, wato amfiya mafi yawa da fanel ke iya fitarwa, da aka yarda ya shigo ta ɓangaren PV, wato ɓangaren fanel. Layi uku za su ba da 13.8 × 3 = 41.4A, dole iyakar ta fi haka. Wayar da za ta ɗauko wutar kuma a zaɓe ta da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, kusan 52A. Da zarar layuka sun kai uku, kowane yana buƙatar fiyus nasa na DC, saboda in ɗaya ya samu matsala sauran biyun za su tura masa 27.6A. Fiyus na 25A ya dace da irin wannan fanel, muddin bai wuce adadin fiyus da aka rubuta a bayansa ba.

Kafin a sa komai cikin kwanturola, a auna kowane layi shi kaɗai da mita a kan DC bolt. Da rana layi mai fanel uku zai nuna wajen 100V zuwa 105V, kuma layukan su yi kusa da juna. In ka ga wajen 35V, an juya fanel ɗaya. In ka ga wajen 68V, biyu kawai ke cikin layin. In alamar ragi ta fito a gaban lambar, + da − sun sauya wuri. Kada a auna Isc da ƙaramar mita ta hannu, yawancinsu 10A ne iyakarsu, a nemi mita mai maƙale waya wadda ke karanta DC. A fara haɗa batir da kwanturola kafin a kunna ɓangaren fanel, kuma kada a zare filogin MC4 na wayoyin fanel wuta na gudana, sai an kashe makunnin DC, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa cikin sauƙi.