Asusun ajiyar yaro: yaushe kuɗin ke komawa hannunsa?

Tambaya: "Ina son buɗe wa 'yata mai shekara 6 asusun ajiya. Me zan kai banki, kuma yaushe za ta fara taɓa kuɗin da kanta?"

Malama, ki tafi da takardar haihuwarta, hotonta, katin shaidarki da takardar da ke nuna adireshinki. Kafin ki sa hannu, ki tabbatar da sunan wa asusun yake. In sunanta ne ke kuma mai kula, kuɗin nata ne tun ranar farko, amana ce kawai a hannunki.

A yawancin ƙasashe ikon yana komawa gare ta a shekara 18. Daga nan sa hannunki ya daina aiki, sai ta je da katin shaidarta a mayar da asusun na manya. Ko kina ganin hankalinta bai kai ba, banki ba ruwansa. Abin da kike son riƙewa har bayan nan, ki ajiye shi da sunanki.

Inda ake tuntuɓe shi ne bambancin suna: "Aisha" a banki, "A'ishatu" a takardar haihuwa, ranar miƙa asusun a tsaya gyara. Ki kuma riƙa zuba ko kaɗan ne a kai a kai, don asusun da ya daɗe ba motsi banki kan dakatar da shi.