Buhunan shinkafar azumi ba su sauke maka zakka ba

Tambaya: "Malam, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Kowane azumi ina raba shinkafa, ina taimaka wa masallacin unguwarmu, ina kuma aika wa mahaifiyata kuɗi, jimilla ta kai naira dubu 500. Wannan bai isa zakkata ba?"

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓa, amma abin da ka lissafa sadaka ce da ciyarwar da ta wajaba a kanka, zakkarka kuwa tana nan a wuyanka. Sadaka kai ke zaɓar adadinta da lokacinta da wanda za ka ba. Zakka hakkin wasu ne a cikin dukiyarka, an yanke ta ɗaya bisa arba'in, muddin dukiyar ta kai nisabi, wato kimar zinare giram 85, kuma shekarar Musulunci ta zagayo a kanta. Masu karɓarta kashi 8 ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ginin masallaci ba ya cikinsu a wajen mafi yawan malamai, mahaifiya mabuƙaciya kuwa ciyar da ita wajibinka ne tun asali. Shinkafar ma ka raba ta ba da niyyar zakka ba, kuma ba a ƙulla niyya bayan an ci an wanke tukunya.

Babbar matsalarka ita ce ba ka san nawa ka mallaka ba, domin da ka sani, da adadin jarinka za ka faɗa mini kafin adadin kyautarka. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, a mazhabar Malikiyya, yana tsayar da wata guda a shekara ya yi wa hajarsa kima da farashin kasuwa na lokacin, ba farashin da ya saro ba. A ce atamfar da ke shago da sito ta kai miliyan 30, kuɗin hannu da na banki miliyan 6, bashin da kake sa ran za a biya ka miliyan 4. An sami miliyan 40 ke nan. Ka cire miliyan 8 da dila ke binka, saura 32, zakkarta naira dubu 800. Shagon kansa da kantoci da motar ɗaukar kaya ba sa shiga lissafi.

Na san wani attajiri da ya yi suna wajen rabon kayan azumi, amma da ya rasu magada suka buɗe sito ba su tarar da littafi ko ɗaya ba, aka rasa wanda zai ce ga shekarar da ya fitar da zakka. Ka sayi littafi a makon nan, ka ƙidaya kaya turmi-turmi, sannan ka kai wa malamin fiƙihu ko Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano lissafin, har da na shekarun baya, domin zakkar da ba a fitar ba bashi ce da ba ta faɗuwa don ta daɗe.